Yadda Za Ka Lissafa Farashin Hannun Jari da Darajar Haƙƙinka Idan Kamfani Ya Yi Tayin Sabbin Hannaye

Kana da hannun jari a wani kamfani, sai ga saƙo ya iso: kamfanin na neman ƙarin jari, kuma ya ba duk mai hannu a cikinsa damar sayen sabbin hannaye a farashi mai sauƙi, gwargwadon abin da yake riƙe da shi. A saman takardar ko a manhajar dillalinka za ka ga an rubuta `rights issue`. Mu nan za mu kira shi tayin haƙƙi, domin abin da aka miƙa maka haƙƙi ne na sayen sabon hannu kafin a kira bare.

Da yawa suna ganin wannan rangwame su ɗauka garaɓasa ce ta faɗo. Wasu kuma su ce ba su da kuɗi yanzu, su ture takardar gefe, suna zaton ba su rasa komai ba. Duka biyun sun yi kuskure. Rangwamen daga jikin hannun jarinka aka yanko shi, aka ware shi ya zama wani abu mai zaman kansa da ake iya sayarwa, kuma yana da ranar mutuwa. Idan ka iya lissafin nan da hannunka, ba za ka ruɗu da rangwamen ba, ba kuma za ka bar kuɗinka su zube ba.

Lambobi uku da za ka fara zaƙulowa

Takardar tayin kan yi kauri, amma abu uku kake nema tukuna. Na farko shi ne rabon: sabon hannu nawa ake bayarwa a kan tsoffi nawa. Na biyu farashin tayin, wato abin da za ka biya a kan kowane sabon hannu. Na uku ba a takardar yake ba, a kasuwa yake: farashin da hannun ya rufe da shi a rana ta ƙarshe da ake sayar da shi tare da haƙƙin a jikinsa.

Wannan na ukun yana buƙatar bayani. Akwai ranar da ake raba hannu da haƙƙinsa. Kafin ranar, duk wanda ya sayi hannun ya saya har da haƙƙin, kuma a allo ana nuna shi da `cum-rights`. Daga ranar zuwa gaba, mai saye hannu kawai ya samu, haƙƙin ya tsaya wurin tsohon mai shi, a allo kuma za ka ga `ex-rights`. Lissafinmu gaba ɗaya amsar tambaya guda ce: idan ba abin da ya sauya a duniya sai wannan rabuwar, nawa ya kamata hannun ya koma?

Bari mu ɗauki kamfani na misali mu bi shi har ƙarshe. Lambobin za su yi aiki da kowane irin kuɗi, saboda haka ba sai na ambaci sunan kuɗin ba. Kamfanin yana da hannaye miliyan 40, kowanne ana sayar da shi 50 a kasuwa. Yana son tara miliyan 350. Sai ya ce duk mai tsoffin hannaye 4 yana da damar sayen sabo 1 a kan 35. Sabbin hannaye miliyan 10 ke nan, kuma miliyan 10 sau 35 ya ba da miliyan 350 ɗin da yake nema. Kai kuma kana riƙe da hannaye 2,000, darajarsu 100,000.

Farashin da lissafi ya ce hannun zai koma

Ka manta da miliyoyin na ɗan lokaci, ka ɗauki ƙaramin ƙulli guda: tsoffin hannaye 4 da sabo 1. Tsoffin huɗun darajarsu 200, wato 4 sau 50. Sabon kuma an zuba 35 aka same shi. Jimilla 235 ke nan a cikin ƙullin, kuma yanzu hannaye 5 ne za su raba ta. Da zarar an fitar da sabon hannu ba ya da bambanci da tsoho, ba wanda zai iya cewa wannan na 50 ne wancan na 35 ne, kamar yadda ruwan zafi da na sanyi kan zama ɗaya idan an haɗa su a mazubi. Raba 235 gida 5, ka samu 47.

Wannan 47 shi ne farashin da ake hasashe bayan an cire haƙƙi, wanda takardun tayi ke taƙaita shi da `TERP`. Ga ƙa'idarsa:

```
TERP = (N × P + M × S) / (N + M)
```

A nan N adadin tsoffin hannaye ne a cikin rabon, M adadin sabbi, P farashin kasuwa na ƙarshe tare da haƙƙi, S kuma farashin tayin. A misalinmu N 4 ne, M 1, P 50, S 35.

Ina son ka tabbatar da amsar ta wata hanya, domin ta nan ne za ka ga dalilinta. Darajar kamfanin gaba ɗaya a kasuwa kafin tayin miliyan 2,000 ce, miliyan 40 sau 50. An zuba masa tsabar kuɗi miliyan 350, ya koma miliyan 2,350. Hannayensa sun ƙaru zuwa miliyan 50. Raba miliyan 2,350 da miliyan 50, 47 ɗin nan dai ya sake fitowa. Darajar kamfanin ta ƙaru da kashi 17.5 cikin ɗari, amma yawan hannayen ya ƙaru da kashi 25 cikin ɗari, dole rabon kowane hannu ya ragu.

Saboda haka idan ka buɗe manhaja da safe ranar rabuwar ka ga hannun da ya kwana a 50 ya tashi a 47, da jar kibiya tana nuna ƙasa, kada gabanka ya faɗi. Ba wani mugun labari ne ya ɓulla ba. Ukun da ya ragu yana nan, ya koma wani layi ne a asusunka.

Darajar haƙƙin, da inda ake yawan ruɗewa

Akwai hanya biyu ta faɗin darajar haƙƙi, kuma rashin bambance su ya sa mutane kan yi gardama alhali kowa na da gaskiya.

Ta farko, a kan kowane tsohon hannu. Hannunka ya sauko daga 50 zuwa 47, to haƙƙin da ke maƙale da kowane tsohon hannu darajarsa 3 ce. Ta biyu, a kan kowane sabon hannu. Damar sayen abin da ya kai 47 a kan 35 darajarta 12 ce, domin mai hankali zai yarda ya biya ka har 12, ya cika wa kamfani 35, ya tashi da hannu a kan 47 daidai da kasuwa.

```
Haƙƙi a kan tsohon hannu = P − TERP
Haƙƙi a kan sabon hannu  = TERP − S
```

Abu ɗaya suke faɗi. Sai ka haɗa haƙƙin tsoffin hannaye 4 kafin ka samu sabo 1, kuma 4 sau 3 shi ne 12. Kai mai hannaye 2,000, ko ka ce 2,000 sau 3, ko ka ce sabbin hannaye 500 sau 12, amsar 6,000 ce. Kasuwanni sun bambanta a kan wanda suke nunawa a allo: a wasu, haƙƙi ɗaya na nufin damar sayen sabon hannu guda cikakke, a wasu kuma ana ba da haƙƙi ɗaya a kan kowane tsohon hannu sai ka tara adadin da ake buƙata. Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce ka duba yawan da aka sa maka a asusu. Idan 500 ka gani, farashin da za ka sa ran gani kusa da 12 ne. Idan 2,000 ka gani, kusa da 3. Kada ka ba dillali umarnin sayarwa sai ka tantance wannan.

Kuskure mafi yawa a nan shi ne mutum ya cire 35 daga 50 ya ce ribarsa 15 ce a kan kowane sabon hannu. Farashin 50 ya tafi, ba zai tsaya jiran ka ba bayan an raba haƙƙi. Kuma ko 12 ɗin ma ba riba ba ce, diyya ce ta 3 ɗin da kowanne daga hannayenka huɗu ya rasa.

Zaɓi huɗu, da abin da kowanne zai bar maka

Idan ka karɓi tayin gaba ɗaya, za ka biya 500 sau 35, wato 17,500. Hannayenka sun zama 2,500, a kan 47 darajarsu 117,500. Da ma kana da 100,000, ka ƙara 17,500 daga aljihu, ka tashi da 117,500. Ba ka ci ba, ba a ci ka ba. Abin da ka tsare shi ne kasonka a kamfanin. Wannan yana da nauyi ga babban mai hannu: wanda ke da miliyan 4 cikin miliyan 40 yana da kashi 10 cikin ɗari na ƙuri'a, idan bai karɓa ba zai koma miliyan 4 cikin miliyan 50, kashi 8 ke nan.

Idan ka sayar da haƙƙin duka, tsoffin hannayenka 2,000 a kan 47 sun zama 94,000, haƙƙin ya kawo maka tsabar 6,000. Jimilla 100,000. A zahiri ka sayar da ɗan yanki ne na jarinka ka karɓi kuɗi.

Zaɓi na uku shi ne wanda na fi so ga wanda ya yarda da kamfanin amma ba shi da kuɗin ƙarawa, kuma da yawa ba su san da shi ba. Ka sayar da wani ɓangare na haƙƙin, ka yi amfani da kuɗin ka karɓi sauran. Yawan da za ka sayar ga yadda ake fitar da shi:

```
Na sayarwa = jimillar haƙƙi × S / TERP
```

Wato 500 sau 35, a raba da 47, ya ba da 372 da ɗoriya. Ka cika shi 373 don kuɗin su isa. Sayar da 373 a kan 12 ya kawo 4,476. Sauran 127 a kan 35 za su ci 4,445, ragowar canji 31. Yanzu kana da hannaye 2,127, a kan 47 darajarsu 99,969, haɗe da 31 ɗin nan 100,000 cif. Sai dai ka lura, ladan dillali yana iya cinye amfanin wannan dabara idan hannayenka kaɗan ne. Ka tambayi ladan tukuna, idan ya yi yawa ka ƙara adadin na sayarwa kaɗan, ko ka sayar da duka ka huta.

Na huɗu shi ne ka yi shiru har wa'adi ya ƙare. Hannayenka 2,000 sun koma 94,000, haƙƙin ya mutu, 6,000 sun tafi. Wannan kaɗai ne zaɓin da lissafi ya nuna asara a cikinsa, kuma ƙananan masu hannun jari da yawa kan faɗa cikinsa. Ni kaina ya taɓa cin ni. Takardar wani kamfani ta zo, na sa ta cikin littafin da nake karantawa da niyyar dubawa ƙarshen mako, ban sake ganin ta ba sai da na kai wannan shafin, kwana biyu bayan an rufe. Har yau abin yana min ciwo, domin minti goma na kiran dillali ya isa ya tsare min kuɗina. A wasu kasuwanni, kamar na Birtaniya, ana sayar da hannayen da ba a karɓa ba, idan an samu rara a kan farashin tayi bayan cire kuɗin aiki a aika wa mai haƙƙin. Ba ko'ina ake haka ba, kuma ko inda ake yi rarar ba ta da tabbas. Ka nemi sakin layin da ya yi magana a kan haƙƙin da ba a karɓa ba a takardar tayin, ka karanta shi da kanka.

Girman rangwame ba ya ƙara maka komai

Wannan wurin ne nake son mu ɗan daɗe. A ce kamfanin nan ya zaɓi wata hanya ta tara miliyan 350 ɗin: sabo 1 a kan tsoffi 2, a kan 17.5 kacal. Rangwame ya tashi daga kashi 30 zuwa kashi 65 cikin ɗari na farashin kasuwa. Mai kallo daga nesa zai ce wannan tayin ya fi na farko daɗi nesa ba kusa ba.

Mu lissafa. Tsoffi 2 darajarsu 100, a ƙara 17.5, a raba gida 3, farashin ya koma kusan 39.17. Kai mai 2,000 za ka samu sabbi 1,000, ka biya 17,500, daidai da na ɗazu. Hannayenka 3,000 a kan wannan farashi darajarsu 117,500, daidai da na ɗazu. Kasonka a kamfanin ma bai motsa ba. An dai yayyanka abu ɗaya ne ƙanana-ƙanana.

Wanda abin ya sauya wa shi ne mai shiru. A tayin farko 6,000 ya rasa. A wannan hannayensa 2,000 sun sauko daga 100,000 zuwa kusan 78,333, asarar 21,667. Duk yadda rangwame ya yi zurfi, haka hukuncin sakaci yake yin tsanani. Kamfanoni kan zurfafa rangwamen ne don su tabbatar farashin kasuwa bai faɗo ƙasa da na tayin ba kafin a rufe, kuma idan ka ga ya yi zurfi ƙwarai, sau da yawa alama ce cewa kamfanin na cikin matsi kuma ba ya son tayin ya gaza.

Ga misali na gaske. A watan Oktoba na 2020, lokacin da annobar korona ta tsayar da zirga-zirgar jiragen sama, kamfanin Rolls-Royce mai ƙera injinan jirgi ya nemi kusan fam biliyan 2 ta wannan hanya: sabbi 10 a kan tsoffi 3, kowanne a kan peni 32, alhali hannun ya rufe a peni 130 kafin sanarwar. Gwada ƙa'idar: 3 sau 130 ya ba da 390, 10 sau 32 ya ba da 320, jimilla 710, a raba da 13, kusan peni 54.6. Ka ga a bisa waɗannan lambobi fiye da rabin darajar tsohon hannu ta koma cikin haƙƙin. Wanda ya yi watsi da takarda irin wannan ya yi wasa da mafi yawan jarinsa.

Wannan misalin ya kuma nuna yadda ake auna rangwame. A kan 130, peni 32 rangwamen kusan kashi 75 ne cikin ɗari, amma a kan 54.6 kusan kashi 41 ne. Na biyun shi ne masana harkar ke kallo, domin shi ke nuna nisan da farashi zai iya faɗuwa kafin tayin ya zama banza. A misalinmu na farko 12 ne a kan 47, kusan kashi 25.5 cikin ɗari.

Inda kasuwa ke saɓa wa lissafi

Lissafin ya ɗauka cewa kowane kuɗin da aka zuba wa kamfani zai ƙara masa daraja daidai da yawansa, ba ƙari ba ragi. Kasuwa ba ta yi wannan alkawari ba. Idan masu zuba jari sun ga kuɗin za su tafi aikin da zai kawo riba mai kyau, hannun zai iya tsayawa sama da 47. Idan sun ga ramin bashi kawai za a cike, zai iya yin ƙasa. Yawancin wannan hukunci ma kasuwa kan yanke shi ne tun ranar sanarwa, shi ya sa `TERP` da aka buga a takardar tayi yakan tsufa kafin ranar rabuwa. Ka sake lissafa naka da farashin rufewa na daren ƙarshe. Idan hannun ya sauko zuwa 45 kafin lokacin, sabon lissafin 4 sau 45 ne a ƙara 35 a raba da 5, wato 43, haƙƙin sabon hannu kuma 8.

Bayan ranar rabuwa kuma ka ajiye `TERP` gefe, domin yanzu akwai farashi na gaske. Darajar haƙƙin sabon hannu ita ce farashin kasuwa na wannan lokaci a cire farashin tayi. Kuma haƙƙi yana motsi da ƙarfi fiye da hannun kansa. Idan hannun ya sauko daga 47 zuwa 41, ƙasa da kashi 13 cikin ɗari ya rasa, amma haƙƙin ya faɗo daga 12 zuwa 6, rabi cur. Idan ya taɓa 35 haƙƙin ya zama kusan babu. Idan ya yi ƙasa da 35, kada ka karɓi tayin ko da kana son ƙarin hannaye, ka saya a kasuwa ya fi araha. Haka ta faru da bankin HBOS na Birtaniya a 2008: ya yi tayin sabbi 2 a kan tsoffi 5 a peni 275 don tara fam biliyan 4, farashin kasuwa ya riƙa zamewa ƙasa da na tayin, a ƙarshe abin da masu hannu suka karɓa bai kai kashi 9 cikin ɗari ba, mafi yawan ragowar ya zauna a wuyan bankunan da suka tsaya wa tayin.

Idan kana da niyyar sayarwa, ka kwatanta farashin haƙƙin a allo da abin da lissafi ya ba ka. Hannu yana 47, tayi 35, amma ana taya haƙƙi 9? Wannan kan faru a kwanakin ƙarshe lokacin da masu sayarwa suka yi yawa, masu saye kaɗan. A irin wannan hali, mai kuɗi a hannu zai fi samu idan ya karɓi tayin a 35 ya sayar da hannaye a kasuwa, muddin ya tuna cewa farashi na iya motsawa kafin sabbin su shigo asusunsa.

Sauran abubuwan dubawa ƙanana ne amma suna cizo. Ba kowane tayi ne ake yarda a sayar da haƙƙinsa ba. Idan naka irin wannan ne, zaɓinka ya rage karɓa, ko sayar da hannun tun yana tare da haƙƙi, ko ɗaukar asarar. Idan an ce sabbin hannaye ba za su samu ribar da za a raba nan kusa ba, to ka cire wannan ribar daga darajar haƙƙin sabon hannu, domin tsoho ya fi sabo da wannan adadi. Ɓurɓushi kuma yawanci zubar da shi ake yi: mai 2,003 sabbi 500 zai samu, kamar mai 2,000. Idan kuma kana kwatanta farashin yau da na bara, ka ninka tsoffin farashin da 47 bisa 50, wato 0.94, in ba haka ba za ka ga faɗuwar da ba ta faru ba.

Sai ranaku. Ranar daina cinikin haƙƙi tana zuwa ne kafin ranar rufe karɓar kuɗi, sau da yawa da 'yan kwanaki, kuma dillalinka kan sa nasa wa'adin kafin na kamfanin don ya samu lokacin tura umarni. Wanda ya jira ranar rufewa yana tunanin zai sayar zai tarar ƙofar sayarwa ta riga ta kulle, ba abin da ya rage sai biya ko asara. Ranar da saƙon ya iso ka tambayi dillali waɗannan ranaku uku, ka rubuta wadda ta fi kusa, ka ba da umarninka kwana biyu ko uku kafin ta cika.